Yadda aka ƙirga shekarun kwalekwalen Dufuna da kabon-14

*"Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare a Potiskum. Ana cewa kwalekwalen da aka tono a Dufuna ya shekara 8,000. Wa ya ƙirga, alhali babu rubutu a jikinsa? Malaminmu ya ce da kabon-14 aka auna, kuma rabin rayuwarsa shekara 5,730 ne. To ke nan in an shekara 11,460 ya ƙare ƙaf? Kuma mene ne alfa, beta da gamma da ake ta haddace mana?"*

Ɗana, bai ƙarewa a shekara 11,460. A lokacin saura kashi ɗaya cikin huɗu. In ka gane dalilin wannan, sauran bayanin duk zai zo maka da sauƙi, don haka daga nan za mu fara, mu biyo a hankali har mu iso bakin rijiyar Dufuna.

Kowace ƙwayar atam tana da cibiya, kuma a cikin cibiyar akwai furoton da nutron. Yawan furoton shi ne sunan sinadari: duk atam mai furoton 6 kabon ne, mai 7 naitirojin ne. Yawan nutron kuwa yana iya bambanta ba tare da sunan ya sauya ba. Kabon da ya cika duniya, na gawayi da itace da jikinka, yana da furoton 6 da nutron 6, shi ne kabon-12, kuma zama daram yake yi. Kabon-14 yana da furoton 6 da nutron 8. Nutron sun yi masa yawa, cibiyar ba ta da natsuwa, ko ba jima ko ba daɗe sai ta rikiɗe ta koma wani abu.

Abin da ke ɗaure wa ɗalibai kai shi ne cewa atam ba ya tsufa. Mutum in ya kai shekara 80 an san ya fi ɗan shekara 20 kusa da kabari. Atam na kabon-14 da aka samar jiya, da wanda ya shekara 20,000 bai rikiɗe ba, damarsu ta rikiɗewa gobe ɗaya ce cif. Babu wanda zai iya nuna atam guda ya ce ga ranarsa. Amma in sun taru biliyan-biliyan, sai lissafin ya zama tabbatacce.

A aji nakan sa ɗalibai su tattaro 'yan ludo guda 60 a cikin kwano. A girgiza a zube, duk wanda ya faɗi a kan 6 a cire shi, an ce ya rikiɗe. Zubin farko wajen 10 ke fita, saura 50. Zubi na biyu ba 10 za su fita ba, wajen 8 ne, domin waɗanda ke cikin kwanon sun ragu. Haka ake gangarowa, 42, 35, 29. Wato a zubi na huɗu an kai kusan rabi. In aka ci gaba, wani zubi huɗun ba zai kwashe sauran 29 ɗin ba, rabinsu zai kwashe, a bar wajen 14. Wannan lokacin da ake ɗauka kafin abin da ke hannu ya koma rabi shi ne rabin rayuwa. Ana ƙirga shi ne daga abin da ya rage, ba daga abin da aka fara da shi ba. Don haka kabon-14 bayan shekara 5,730 saura rabi, bayan 11,460 saura rubu'i, bayan 17,190 saura kashi ɗaya cikin takwas. A rubuce:

N = N₀ × (1/2)^(t/T)

N₀ shi ne adadin farko, N abin da ya rage, t lokacin da ya wuce, T kuma rabin rayuwa.

Wani abu kuma da 'yan ludon ke nunawa, wanda zai yi mana amfani can gaba: kowane rukunin ɗalibai da nasa sakamakon. Wannan ya cire 8 a zubin farko, wancan ya cire 13. Ba wanda ya yi kuskure, haka al'amarin dace yake in adadi ƙarami ne. Daga nan alamar ± da za ka gani a sakamakon awo ta samo asali.

Hanyoyi uku da cibiya ke sauke nauyinta

Alfa ta manyan cibiyoyi ce masu nauyi. Yuraniyom-238, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar, yana da furoton 92 da nutron 146. Yakan tofar da dunƙule guda mai furoton 2 da nutron 2, wato cibiyar hiliyom, sai ya koma toriyom-234 mai furoton 90. Rabin rayuwarsa kusan shekara biliyan 4.5 ne, shi ya sa har yanzu yake nan a cikin duwatsu. Ƙwayar alfa tana da nauyi, takarda guda ko fatar jikinka ta isa ta tare ta. Haɗarinta yana zuwa ne in an shaƙi ƙurar ko an haɗiye ta, domin a ciki babu fatar da za ta kare.

Beta ita ce tamu a wannan magana. Cibiyar da nutron suka yi wa yawa, sai nutron guda ya juye ya zama furoton, ilektiron ya fito da gudu tare da wata ƙwaya mai wuyar kamawa da ake kira antinutirino. Kabon-14 mai furoton 6 da nutron 8 ya koma mai furoton 7 da nutron 7, wato naitirojin-14, irin na iskar da kake shaƙa:

¹⁴C → ¹⁴N + e⁻ + ν̄

Lura cewa lambar 14 ba ta motsa ba, sunan ne ya sauya. Wannan shi ne wurin da ɗalibai suka fi zubar da maki a jarrabawa: su rage lambar sama a beta kamar yadda ake yi a alfa. Kuma ilektiron ɗin ba daga cikin masu kewaya atam ya fito ba, a cikin cibiya aka haife shi a daidai lokacin. Farantin alminiyom marar kauri yana tare beta.

Gamma ba ƙwaya mai nauyi ba ce, haske ne mai tsananin ƙarfi wanda ido ba ya gani. Bayan alfa ko beta, sabuwar cibiya takan kasance a zafafe, sai ta fitar da rarar kuzarinta a matsayin gamma, ba tare da furoton ko nutron ya ƙaru ko ya ragu ba. Ita ce mai ratsa jiki, sai dalma mai kauri ko kankare ke rage ta. Kobalt-60, mai rabin rayuwa ɗan sama da shekara 5, gammarsa ake amfani da ita wajen gashin ciwon daji a asibiti. Akwai wasu hanyoyin bayan waɗannan uku, amma don kwalekwalenmu beta kaɗai muke bukata.

Daga sararin sama zuwa cikin itace

Mai hankali zai tambaya: in kabon-14 kullum raguwa yake, me ya sa bai ƙare daga duniya ba tuntuni? Domin ana sabunta shi. Wasu ƙwayoyi masu gudun gaske suna shigowa daga sararin samaniya su yi karo da iskar can sama, nutron su tarwatso. Nutron ya daki naitirojin-14, ya zauna a ciki ya kori furoton guda, sai ga kabon-14:

¹⁴N + n → ¹⁴C + p

Sabon kabon-14 ya haɗu da iskar oksijin ya zama kabon-dayoksaid, iska ta gauraya shi ko'ina. Bishiya ta zuƙa ta ganyenta ta gina itace da shi, akuya ta ci ganyen, kai ka ci akuyar. Muddin abu yana raye yana musayar kabon da duniya, rabon kabon-14 a jikinsa yana nan daidai da na iska, wato kusan atam 1 cikin tiriliyan 1. Kaɗan ne ƙwarai, amma a giram guda na kabon wannan ya kai atam wajen biliyan 60, kuma kusan 14 daga cikinsu suna rikiɗewa a kowane minti. Ka tuna da tulu mai yoyo wanda ake ta ƙara masa ruwa: ruwan yana tsayawa a wuri guda. Ranar da aka sare bishiya an daina ƙari, yoyo kuwa bai tsaya ba. Mai awo yana duba inda ruwa ya sauka ne ya lissafa yaushe aka daina zubawa.

Willard Libby na Jami'ar Chicago shi ya fito da wannan hanya a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne bai ce a yarda da shi haka kawai ba. Ya nemo abubuwan da an riga an san shekarunsu ta wata hanya, ciki har da katako daga kaburburan sarakunan Masar na dā, ya auna, sakamakon ya zo kusa da abin da masana tarihi suka sani. Zafi ko sanyi, damina ko rani, binnewa cikin laka ko zama a rana, babu wanda ke sauya saurin rikiɗewar kabon-14, domin abin a can cikin cibiya yake faruwa inda harkar sinadarai ba ta kaiwa.

Lissafin Dufuna

A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin kogin Komadugu Gana cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin wajen mita 5. Masu bincike daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ciki har da Peter Breunig, suka tono shi gaba ɗaya a 1994. Kwalekwale ne mai tsawon sama da mita 8, an fafe shi daga gungume guda na itace dangin maɗaci. Laka mai ruwa wadda iska ba ta shiga ita ta hana shi ruɓewa. An kai gutsattsarinsa ɗakunan awo biyu a Jamus, sakamako ya fito kamar haka: 7264 ± 55 BP da 7670 ± 110 BP, inda BP ke nufin shekaru kafin 1950.

Ni ba ni na auna ba, amma daga lambar farko za mu iya bin sawun lissafin. Abin da ɗakin awo ke samu a zahiri ba shekaru ba ne, rabo ne: kabon-14 na wannan itace kashi nawa ne idan aka kwatanta da na itacen zamani da aka ɗauka ma'auni? A kira wannan rabo F. Don a sami 7,264, dole F ya kasance wajen 0.405, wato saura kashi 40 da ɗoriya cikin 100. Tun kafin ka taɓa na'urar lissafi ka san amsar tana tsakanin rabin rayuwa ɗaya da biyu, domin 40 ya gaza 50 amma ya zarce 25 nesa. Ka saba da wannan duba na ido, yana ceton mutum daga amsar da ba ta da kai. Ga dabarar da ɗakunan awo ke bi, inda ln wani nau'in logaridim ne mai madanninsa a na'urar lissafi:

t = 8033 × ln(1/F)

1 raba 0.405 ya ba da 2.47, ln na 2.47 kuma 0.904 ne. A ninka da 8033, a sami wajen 7,260.

To ina 8,000 ɗin da kake ji? Nan ne maganar ta fi daɗi. Wannan 7,264 ba shekarun kalanda ba ne, kuma abubuwa uku ne suka raba su.

Na farko, lambar 8033 ta fito ne daga rabin rayuwar da Libby ya yi aiki da shi, 5,568, wanda daga baya aka gano ya gaza da wajen kashi 3 cikin 100. An bar shi da gangan don tsofaffin sakamako da sababbi su zauna a ma'auni guda, a gyara a mataki na gaba. In ka yi da 5,730 na littafinku, lambar ninkawa ta zama 8267, amsar ta haura zuwa wajen 7,470. Na biyu, BP na nufin kafin shekarar 1950, ba kafin yau ba, don haka akwai shekara 70 da wani abu da za ka ƙara.

Na uku shi ne babba. Lissafin ya ɗauka cewa kabon-14 na iska bai taɓa sauyawa ba, alhali ya sauya. Ƙarfin maganaɗisun duniya da yanayin rana suna kare mu daga ƙwayoyin sararin samaniya, kuma wannan kariya takan yi ƙarfi ta yi rauni. A zamanin da bishiyar Dufuna ke raye, kabon-14 na iska ya fi na ma'aunin zamani da wajen kashi 7 ko 8 cikin 100. Tulun ya fi cika tun farko, don haka in ka duba inda ruwa ya tsaya sai ka zaci bai daɗe yana yoyo ba. Yaya aka san haka? Daga zoben bishiyoyi. A ƙasashen sanyi bishiya tana ƙara zobe guda a kowace shekara, kuma ta hanyar jera tsofaffin gungume wani ya kama wani, an sami jeri marar yankewa na sama da shekara 12,000. A ƙirga zobe a san shekararsa da ido, a auna kabon-14 nasa, a rubuta. Wannan jadawali shi ake gyara sakamako da shi, kuma wanda aka fitar a 2020 sunansa IntCal20. In aka bi da lambobin Dufuna ta cikinsa, na farko yakan faɗo sama kaɗan da shekara 8,000, na biyu kusa da 8,500. Ga asalin abin da kake ji.

Ita kuwa ± 55 ma'anarta ita ce, in babu wata matsala sai ta ƙirga, akwai damar kusan kashi 68 cikin 100 cewa amsar tana tsakanin 7,209 da 7,319. In kana son tabbacin kashi 95, ka ninka ta biyu. Ka ga tazarar da ke tsakanin sakamakon biyu ta kai shekara 400, ta fi abin da ± ɗinsu zai ɗauka. Irin wannan saɓani ba baƙo ba ne a awon katako, kuma abu na farko da mai bincike ke tambaya shi ne daga wane sashen gungumen aka yanko. Bishiya daga waje take girma. Zuciyarta ta daina musayar kabon tun tana ƙarama, yayin da zoben da ke ƙarƙashin ɓawo na shekarun ƙarshe ne. Babbar bishiya tana iya ɗauke da tazarar ɗaruruwan shekaru tsakanin ciki da waje. Kabon-14 bai san ranar da masassaƙi ya ɗauki gizago ba, lokacin da itacen ya ginu kaɗai ya sani. Shi ya sa masu tono suka fi murna da ƙwayar gero da ta ƙone a kan ƙaton gawayi: gero damina ɗaya ya rayu.

Inda awon ke yin ƙarya, da inda ya tsaya

Babban abokin gaba shi ne baƙon kabon. Saiwar ciyawa ta ratsa gawayi, ruwan ƙasa ya shigar da ruɓaɓɓen ganye ko farar ƙasa, ko wani mai kyakkyawar niyya ya shafa wa abin mai ko gam don kada ya farfashe. Shi ya sa kafin awo ake tsince saiwoyi, a wanke da asid don narkar da farar ƙasa, a bi da ruwan soda mai ƙarfi don cire dattin ruɓaɓɓun tsirrai, a sake bi da asid. An taɓa kawo mini gawayi daga wani tsohon kufai don in ba da shawarar inda za a kai shi, an naɗe shi da auduga cikin ambulan, ya sha damshi har ya yi fumfuna. Auduga, takarda da fumfunar duk kabon ne na bana. Na ce a koma a ɗebo wani, a kama da cokali mai tsabta, a shanya a inuwa, a naɗe da takardar alminiyom, a rubuta zurfin da aka same shi. Ba su ji daɗi ba, amma ya fi a biya kuɗin awo a karɓo lambar da ba za a iya dogara da ita ba.

Illar baƙon kabon tana ƙaruwa da tsufan abu. A itacen Dufuna mai sauran kashi 40, in kashi 1 cikin 100 na sabon kabon ya shiga, shekaru wajen 120 kawai zai rage. Amma ɗauki abin da kabon-14 nasa ya ƙare sarai, mai shekara miliyan. Wannan kashi 1 ɗin zai sa F ya zama 0.01, lissafi ya ba ka wajen shekara 37,000. Lamba ce mai kyan gani, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Wannan ne ya sa iyakar hanyar take wajen shekara 50,000, inda abin da ya rage bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 1,000 ba. Tun daga 1977 akwai na'urar AMS, wadda ke ƙirga atam ɗin kabon-14 kai tsaye maimakon zaman jiran su rikiɗe, har abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa awo. Ta rage yawan abin da ake bukata ƙwarai, amma ba ta ture wannan iyaka da nisa ba. Don haka in ka ji an ce da kabon-14 aka auna ƙasusuwan dinoso na Gadufawa a hamadar Nijar, masu sama da shekara miliyan 100, mai maganar ya ruɗe. Irin waɗannan shekaru sai agogo mai tafiyar hawainiya, kamar yuraniyom da ke komawa dalma ko fotasiyom-40 da ke komawa argon, kuma duwatsu ake aunawa da su.

Dutse, tsabar zinariya ko tagulla ba sa aunuwa da kabon-14, tunda ba su taɓa rayuwa ba. Kasko ma ba yumɓunsa ake aunawa ba, sai ƙanzon abinci da ya manne a ciki ko ƙaiƙayin da maginiya ta cuɗa da yumɓun. Ƙashi kuma a ƙasarmu mai zafi yakan ba da wahala, domin sinadarin kolajin da aka fi so a ciro daga cikinsa zafi yana cinye shi da wuri. Kifi da dodon koɗi suna iya nuna tsufan da ba nasu ba in ruwan da suka rayu a ciki yana ɗauke da tsohon kabon daga duwatsu.

Akwai kuma matsala a ɗaya ƙarshen, wadda ta fi shafar mutanenmu, domin an sha tambayata ko za a iya auna tsohon kundin da aka gada daga kakanni. Daga wajen 1650 zuwa 1950 jadawalin gyara yana hawa yana sauka, ga hayaƙin kwal da man fetur, waɗanda ba su da kabon-14 ko kaɗan, ya tsarma iska tun ƙarni na 19. Sakamako guda sai ya dace da shekaru uku ko huɗu mabambanta, ka kasa raba takardar 1700 da ta 1850. Ga mai irin wannan kundi, shawarata ita ce kada a yanki ko gefen shafi. A ɗaga takardar a hasken rana a duba tambarin da masana'anta ta saka a cikinta, irin jinjirin wata uku da ake yawan gani a takardun da aka shigo da su daga Italiya ta hanyar Sahara, a karanta ƙarshen littafin ko marubuci ya sa suna da shekarar hijira, sannan a kai wa wanda ya san salon rubutun zamanin.